Yadda ake rubuta wa ƙwararren likita wasiƙar neman ya sake duba lamarin mara lafiya

Wasiƙar farko da na rubuta irin wannan shafi uku ce cif. Lokacin ban daɗe da fara aiki a wani asibitin gwamnati da ke ƙasar Argungu ba, kuma na zuba duk abin da na sani a kan mara lafiyar, tun daga zazzaɓin da ya yi yana yaro. Bayan mako biyu ɗansa ya dawo mini da ita a ninke, babban likitan da na aika wa ya rubuta layi ɗaya a ƙasa da jan biro: "Me kake so in amsa maka?" Sun biya kuɗin mota zuwa da dawowa, sun kwana a barandar asibiti, sun komo ba amsa, kuma laifin nawa ne. Tun daga ranar na canza yadda nake rubuta ta, kuma abin da zan nuna maka ke nan, kai da ka fara aiki kwanan nan, ko likita ne kai ko jami'in lafiya da ke riƙe da asibitin ƙauye.

Ka fara rarrabe abu biyu. Akwai takardar tura mara lafiya, wadda ke cewa ga shi nan, ya fi ƙarfinmu, ku karɓe shi. Akwai kuma wannan da muke magana a kai: an riga an faɗi abin da ake zaton yana damun mutum, an faɗi abin da za a yi masa, amma kai ko mara lafiyar ko iyalinsa hankalinku bai kwanta ba, kuna son wani masanin ya duba ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Wannan ba ta gaggawa ba ce. Idan fitsari ya tsaya cak, ko jini na zuba ba ƙaƙƙautawa, ko mutum ya fara fita hayyacinsa, ajiye biro ka nemi mota.

Abin da za ka tara a kan tebur

Fayil ɗin mara lafiya da katinsa. Duk takardun gwajin da aka taɓa yi masa, har da na asibitoci masu zaman kansu da ke cikin leda a gida. Ka ce wa iyalin su juye maka ledar gaba ɗaya, kai za ka zaɓa. Kwalaye da fakitin magungunan da yake sha, su kansu, domin "wani farin ƙwaya" ba suna ba ne. Takarda mai tambarin asibitinku da hatimi. Babbar ambulan wadda hoton ƙashi zai shiga ba tare da an lanƙwasa shi ba. Waya mai kyamara mai kyau. Sai mara lafiyar da kansa a zaune kusa da kai, saboda rabin abin da za ka rubuta a bakinsa yake, ba ya cikin fayil.

Zan bi matakan da labarin wani dattijo da na taɓa rubuta wa irin wannan wasiƙa. Na sauya wasu bayanansa don kada a gane shi. Manomin shinkafa ne a fadama, yana kuma taɓa kamun kifi, shekarunsa kimanin 56. Wata bakwai yana fitsarin jini. An ba shi maganin tsargiya sau biyu bai daina ba. Daga baya wani likitan tiyata ya duba shi ya ce furostet ce ta kumbura, wato tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya ce a shirya a cire ta. Babban ɗansa ya same ni a ofis ya ce, "Likita, mu dai ba mu ƙi aiki ba. Amma Baba na fitsarinai lafiya lau, jinin ne ba ya tsayawa. A yi muna taimako wani ya ƙara dubawa kahin a yanka shi."

1. Nemi yardar mara lafiya

Bayanin rashin lafiyar mutum sirrinsa ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a fitar da shi haka kawai. Ɗa ne ya zo da buƙatar, amma jikin na uba ne. Na je gadonsa na ce, "Baba, ina so in rubuta wa likitan mafitsara a Sakkwato labarin ciwon nan, in haɗa masa da takardunka. Ka yarda?" Ya yarda, ya dangwala yatsa a takarda, na sa a fayil. Ka tambaye shi kuma wa ya amince a gaya wa sakamako cikin iyalinsa. Wani ba ya son matansa su ji, wani kuma ƙaninsa kaɗai ya yarda da shi.

2. Rubuta tambayar kafin ka rubuta komai

Nan ne wasiƙar take rayuwa ko ta mutu, don haka zan daɗe a kai. Ɗauki wata 'yar takarda daban ka rubuta abin da kake son a amsa maka, cikin jimla ɗaya ko biyu. Idan ka kasa, ba ka shirya rubuta wasiƙa ba tukuna, koma ka sake karanta fayil.

"A taimaka a duba a ba da shawara" ba tambaya ba ce. Ƙwararren da ke ganin mutane da yawa a rana ɗaya zai karanta wannan ya fara komai daga tushe, ya sake tura su gwaje-gwajen da aka riga aka biya kuɗinsu. Tambaya mai kyau ita ce wadda za a iya amsa ta da i ko a'a, ko a zaɓi ɗaya cikin hanya biyu. Ga tawa a kan dattijon: shin furostet ce ke jawo wannan jini, ko kuwa wani ƙari da sikanin ya nuna a bangon mafitsara ne? Kuma ya kamata a leƙa mafitsarar da na'ura a ɗebo tsoka a gwada kafin a yi kowace tiyata?

Ga dalilin da ya sa na yi ta haka. A garuruwanmu na bakin gulbi, daga Argungu har Yawuri, fitsarin jini abu ne da aka saba gani tun ana yara, saboda tsargiya da ake ɗauka a ruwan da katantanwa ke ciki. Sabon da aka yi da shi ne ke sa a raina shi. Amma tsargiyar da ta daɗe shekara da shekaru tana cin bangon mafitsara, kuma an san tana iya kai wa ga ciwon dajin mafitsara. Saboda haka dattijon da ya sha maganin tsargiya daidai, ƙwayayenta suka ɓace daga fitsarinsa, jini kuma bai tsaya ba, ba a barinsa sai an leƙa ciki. Da zarar tambayar ta tsaya, ita za ta gaya maka abin da zai shiga wasiƙa da abin da zai zauna a fayil. Karayar da ya yi a ƙafa shekara goma da suka wuce ba ta da wuri a nan.

3. Zaɓi wanda za ka aika wa

Tambayar ce ke nuna fannin. Tawa ta likitan mafitsara ce, ba ta likitan ƙoda ba, ko da yake ƙodar ta fara taɓuwa. Daga Argungu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da tazarar kimanin kilomita 100, ga kuma manyan asibitocin Birnin Kebbi. Kafin ka tura kowa, buga waya ka ji ranar da sashen ke ganin masu zuwa daga waje, domin kowane sashe da ranarsa, kuma ranakun na canzawa. Idan ka san sunan likitan, sa shi. Idan ba ka sani ba, rubuta wa shugaban sashen. Kada ka rubuta "ga duk wanda abin ya shafa", irin wannan takarda yawo take yi daga tebur zuwa tebur.

4. Jera labarin bisa kwanan wata

A kan wata takardar, jera abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya: yaushe ciwon ya fara, me aka gwada, me aka samu, me aka ba shi, me ya biyo baya. Idan mara lafiya bai riƙe wata ba, kama masa da abin da ya sani. Dattijon ya ce jinin ya fara ne "bayan mun gama sussukar shinkafa", daga nan muka ƙirga.

Magani kuwa, sunansa kaɗai bai isa ba. "An ba shi maganin tsargiya" zai sa ƙwararren ya yi zaton ƙila ba a ba shi isasshe ba. Farazikwantel ana ba da miligiram 40 ne ga kowane kilo na nauyin mutum. Dattijon kilo 58 ne, ya sha ƙwaya huɗu masu miligiram 600, jimla 2,400, wato ya sha daidai. Rubuta hakan ya toshe wannan ƙofa. Ka tambayi abin da yake saya a kemis da jiƙe-jiƙen gida, ba da faɗa ba, don in ka ɗaga murya za a ce maka ba ya shan komai. Shi yana shan dikilofenak kusan kullum saboda ciwon baya, maganin da ke iya wahalar da ƙoda. Wannan dole ya shiga.

5. Tace sakamakon gwaji

Kowane sakamako da za ka ambata ya zo da abu uku: kwanan wata, adadi, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Na ukun ne aka fi mantawa. Gwajin ƙoda da ake kira kiriyatinin, wani ɗakin gwaji yana buga shi da µmol/L, wani da mg/dL. Na dattijon na farko an buga 1.1, na biyu an buga 168. Wanda ya ga lambobin ba ma'auni zai rikice. Ana raba na µmol/L da 88.4 a samu na mg/dL, don haka 168 ÷ 88.4 = 1.9. Ashe daga 1.1 ya hau zuwa 1.9 cikin wata biyar. Hawan nan ya fi kowace lamba ɗaya muhimmanci, shi ya sa ake sa tsohon sakamako kusa da sabo.

Kada ka rubuta "jininsa lafiya lau" ko "ƙodarsa ta ɗan taɓu". Sa lambar, ya yanke hukunci da kansa. Kuma abin da aka nema ba a samu ba shi ma sakamako ne: rashin ƙwayayen tsargiya a fitsarin watan Yuni na cikin ginshiƙan tambayata. Na ma ƙara da cewa da tsakar rana aka karɓi fitsarin, domin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ne aka fi samun ƙwayayen, kuma na san zai so ya ji haka.

Duba sunan da ke kan kowace takarda. Mutum ɗaya za ka gan shi Muhammadu a nan, Mamman a can, shekarunsa 50 a wannan, 60 a waccan. Tabbatar duk nasa ne, sannan ka rubuta lambar katinsa a saman kowacce. Na taɓa tsintar gwajin jinin maƙwabcin gado a cikin fayil ɗin wani, saura kaɗan in aika da shi.

6. Rubuta wasiƙar, shafi ɗaya

A asibitocinmu da Turanci ake rubuta ta, amma ginin ɗaya ne, don haka ga ta da Hausa. A sama akwai sunan asibitinku, kwanan wata da wanda ake aika wa, sai sunan mara lafiya, shekarunsa da lambar kati. Daga nan:

> Ranka ya daɗe, ina neman shawararka a kan wannan dattijo mai kimanin shekara 56, manomin fadama, wanda ya yi wata bakwai yana fitsarin jini. An ba da shawarar a cire masa furostet. Tambayata: furostet ce ke jawo jinin ko ƙarin da aka gani a bangon mafitsara? Ya kamata a leƙa mafitsara a ɗebo tsoka kafin kowace tiyata?
>
> Jinin ya fara a watan Janairu, yana gauraye da fitsari daga farko har ƙarshe, wani lokaci da gudaji. Fitsari na fita ba yunƙuri, bai taɓa tsayawa ba. Ya rame: kilo 63 a Fabrairu, 58 a Yuli. Ya yi tsargiya yana yaro. Ba ya shan taba.
>
> An ga ƙwayayen tsargiya a fitsari a Fabrairu. Ya sha farazikwantel miligiram 2,400 a Fabrairu, ya maimaita a Afrilu. A Yuni ba a ga ƙwayaye ba, jini bai tsaya ba. Yana shan dikilofenak na kemis kusan kullum, mun dakatar da shi ranar 10 ga Yuli.
>
> PCV: 34% a Fabrairu, 27% a Yuli. Kiriyatinin: 1.1 mg/dL a Fabrairu, 168 µmol/L a Yuli, daidai da 1.9 mg/dL. PSA: 2.1 ng/mL a Yuli. Sikanin na 14 ga Yuli: ƙari mai faɗin santimita 4 a bangon mafitsara ta hagu, ƙodar hagu ta kumbura, furostet ta ɗan girma kaɗan.
>
> Abin da nake tsoro shi ne ciwon dajin mafitsara da ya fara toshe hanyar ƙodar hagu. Na gaya masa da ɗansa cewa akwai ƙari kuma ba mu san irinsa ba tukuna. Ba mu da na'urar leƙa mafitsara. Muna iya ƙarin jini da maimaita gwajin ƙoda. Ga lambar wayata a ƙasa.

Sai suna, muƙami, sa hannu, hatimi, da jerin takardun da aka haɗa. Za ka lura a Fabrairu nauyinsa 63 ne, ƙwaya huɗun sun yi kusa da abin da ake buƙata a lokacin, a kan kilo 58 na Yuli kuma sun cika. Shi ya sa na sa nauyin duka biyu don ya iya lissafawa da kansa.

Abu uku nake so ka gani a wannan wasiƙa. Tambayar tana sakin layi na farko, saboda wani lokaci iyakar abin da za a karanta ke nan kafin a kira mara lafiya. Na faɗi abin da likitan farko ya ce ba tare da na soke shi ba, ban kuma ɓoye ba. Wasu na ɓoyewa wai don kada su karkatar da tunanin na biyu, amma mara lafiya zai faɗa da bakinsa, sai ka zama mai rufa-rufa. Sukar abokin aiki a takarda kuwa ba ta ƙara wa mara lafiya komai, kuma takarda tana daɗewa. Na ukun, na rubuta abin da mara lafiya ya riga ya sani. Ba ƙaramin tashin hankali ba ne mutum ya fara jin kalmar ciwon daji daga bakin baƙo a cikin taron ɗalibai, saboda an zaci an gaya masa a gida.

Idan babu kwamfuta ko babu wuta, rubuta da hannu da manyan baƙaƙe, lambobi a fili, ka sa takardar kabon a ƙasa don ka samu kwafi. Wata kuma rubuta shi da kalmomi, domin wasu injunan gwaji suna fara buga wata kafin rana, sai 3/7 ta zama ko Maris ko Yuli.

7. Haɗa takardun

Kwafi ake aikawa, na asali ya zauna wurin mara lafiya. Sa wa kowace lamba a kusurwa, ka jera su yadda suka zo a wasiƙa, ka maƙale su. Guda biyar na haɗa wa dattijon: fitsari biyu, jini biyu, sikanin ɗaya. Sauran takardu goma sha da ke cikin ledarsa na ce ya riƙe su daban ko za a tambaya.

Sikanin da hoton ƙashi su ne suka bambanta. Ƙwararre yana son ya ga hoton da idonsa, rahoton kaɗai bai ishe shi ba, fotokofi kuma baƙi ƙirin yake fitar da shi. A nan sai a tafi da na asali. Ƙaramar takardar hoton sikanin ba ta jure zafi. In ta yi wata biyu a aljihu ko a gaban mota a zafin Kebbi, sai ta dushe. Ɗauke ta a waya tun ranar da aka buga ta. Hoton ƙashi kuma ɗora shi a kan fitilar duba hoto, ko farin allon kwamfuta, ka kashe hasken kyamara, ka tabbatar suna da kwanan wata da alamar dama ko hagu sun fito. Idan an taɓa ɗebo tsoka an gwada, a nemi gilasan da aka duba daga ɗakin gwajin a tafi da su, don na biyun ya duba da kansa.

Inda babu injin fotokofi, kwafe sakamakon da hannu, lamba da ma'auni da iyakokin da ɗakin gwajin ya buga a gefe, ka sa hannu cewa ka kwafa daga na asali.

8. Aikawa da bin sawu

Hanya mafi kyau ita ce mara lafiya ya je da wasiƙar, tare da wanda ya fi sanin ciwon cikin iyalinsa. Karanta musu ita da Hausa kafin ka rufe ambulan, ka gaya musu gaskiya cewa ƙila a ce su sake wani gwaji, kuma ƙila ba a gama a rana ɗaya ba, don su yi guzuri. Idan hanya ba ta da kyau ko jikin ba zai ɗauki tafiya ba, kira likitan ka nemi izini, sannan ka tura masa shi kaɗai ta WhatsApp, ka rufe sunan mara lafiya a hotunan ka bar lambar kati. Kada ka jefa su a zauren da mutum ɗari ke ciki. Ka sani kuma shawarar da aka bayar daga nesa tana da iyaka, tunda bai taɓa mara lafiyar da hannunsa ba.

Rubuta a fayil ranar da ka aika, ka karɓi lambar wayar mai rakiya, ka sa wa kanka ranar da za ka kira. Amsa ba kullum take dawowa a rubuce ba. In ta waya aka ba ka, rubuta ta nan take da sunan wanda ya faɗa da lokacin.

Dattijon ya tafi ranar Litinin. Bayan kwana tara ɗansa ya kira ni: an leƙa mafitsarar, an ɗebo tsoka, an ce a bar maganar furostet. Sakamakon ya fito daga baya, ciwon daji ne, suka ci gaba da kula da shi a can. Na ɗauki amsar na kai wa likitan tiyatan da ya fara ganinsa, muka karanta tare, ya ciro sunan dattijon daga jerin waɗanda zai yi wa aiki.

Wani lokacin kuma amsar na dawowa ta saɓa wa ta farko ba tare da wani gwaji ya raba gardama ba. In haka ta faru, haɗa likitocin biyu a waya in zai yiwu, ka tambayi kowannensu wane gwaji ne zai sa ya canza magana. Sannan ka zaunar da mara lafiya da wanda ya amince da shi, ka faɗa musu abin da kowanne ya ce, da kuɗin da kowace hanya za ta ci, da abin da jira zai iya jawowa, ka rubuta abin da ya zaɓa a fayil da kwanan wata.